Bin miji ko mata zuwa ƙasar waje: yadda ma'aikaci zai nemi hutu ba tare da albashi ba

 

An ba ni maudu'i mai faɗi, amma zan taƙaita shi a kan mutum ɗaya, domin ta haka ne za mu ga abin da ke cikinsa da kyau. Mu ɗauka akwai wata malama da ke koyar da lissafi a ɗaya daga cikin kwalejojin gwamnatin tarayya, tana mataki na 10, shekararta 9 a bakin aiki. Mijinta jami'i ne a Ma'aikatar Harkokin Waje. Sai ga takarda ta fito cewa an tura shi ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda na tsawon shekara 3. Gida ya cika da murna, dangi na ta zuwa barka, yara sun fara lissafin Umara. Ita kuwa Malama tambaya ɗaya ce ke hana ta barci: aikina fa?

Shawarar da za ta fara ji daga bakin mutane iri biyu ce, kuma duka biyun ba su da kyau. Wasu za su ce, "Ki ajiye aikin kawai, ai Alhaji zai riƙe ki." Wasu kuma za su rage murya su ce, "Ki daidaita da shugaban makaranta, ki tafi abinki, albashi na shiga." Ta farko tana zubar da shekara 9 na wahala a banza. Ta biyu tana iya kai mutum ga kora, ta kuma jawo wa wanda ya rufa masa asiri bala'i. Akwai hanya ta uku wadda doka ta tanada, kuma abin takaici ne yadda ma'aikata da yawa ba su san da ita ba.

A littafin Dokokin Aikin Gwamnati na tarayya, bugun 2008, babi na 10 shi ne babin hutu. A cikinsa akwai tanadin da ya ce ana iya ba ma'aikaci hutu ba tare da albashi ba domin ya bi abokin aurensa, jami'in gwamnati, wanda aka tura aiki ƙasar waje. Wa'adin shekara 4 ne a karon farko, ana iya ƙara shekara 1, jimla ba za ta wuce 5 ba. An haɗa shi da sharuɗɗa: wanda aka ba hutun ba zai kama aikin albashi a can ba, ba za a ɗauki hutun a matsayin yankewar aikinsa ba, idan kuma ya yi amfani da lokacin ya ƙaro ilimin da zai amfani aikin gwamnati, za a duba yiwuwar ciyar da shi gaba bisa ƙa'idar da ake bi. An sake bitar littafin a bugun 2021, don haka kafin ki rubuta komai, ki je sashen kula da ma'aikata ki nemi bugun da ofishinku ke aiki da shi, ki karanta sashen da idonki, ki kwafe lambarsa. Wannan lambar za ta shiga cikin takardarki.

Ina so mu tsaya a kan abubuwa biyu a wannan tanadi. Na farko, dokar ba ta ware mata ba. Magidancin da aka tura matarsa aiki waje yana da damar da Malama take da ita daidai wa daida. Na san a wurinmu namiji yana jin nauyin a ce ya bi matarsa, amma 'ya'yanmu mata suna shiga aikin jakadanci da sauran hukumomin da ke da ofisoshi a waje, kuma wannan tambaya za ta zo gidaje da yawa. Duk abin da zan faɗa wa Malama, Malam ma ya ɗauka da shi nake.

Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin laccar nan: dokar cewa ta yi ana iya bayarwa. Ba ta ce dole a bayar ba. Ma'ana, hutun nan izini ne da ake nema, ba ya tabbata sai wanda ke da ikon bayarwa ya sa hannu. Shugaban makaranta ba shi da wannan iko. Daraktan sashe ba shi da shi. Takarda tana bi ta hannunsu ne zuwa ga Babban Sakataren ma'aikata, daga nan a miƙa ta Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya. Duk wanda ya ce miki "ki tafi, ba komai, za mu ƙarasa" a ƙasa da wannan mataki, kyautatawa yake nufi, amma ya ba ki abin da ba nasa ba ne. Littafin da ya buɗe miki wannan ƙofa, shi ne kuma ya sa ƙaurace wa aiki ba da izini ba a jerin manyan laifuka, ya ce wanda ya yi haka, ko ya fita ƙasar ba da izini ba, ya jawo wa kansa yiwuwar kora, kuma shi ne zai kawo hujjar da za ta wanke shi. Ranar da aka canja shugaban makaranta, ko masu tantance ma'aikata suka zo ƙirga kawuna, maganar baka ba za ta tsaya miki ba. Sabon shugaba fayil zai buɗe, abin da ya gani a ciki shi ne gaskiya a wurinsa.

Kada a ɗauka tsoratarwa nake yi. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni cewa ma'aikatan da suka ƙaura ƙasashen waje suna ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, a kuma hukunta shugabanninsu da suka bari hakan ta faru. Tun daga lokacin, duk ma'aikacin da ba ya kan kujerarsa kuma yana waje, kallon zargi ake fara yi masa. Macen da ta bi mijinta da zuciya ɗaya, idan babu takardar amincewa a fayil ɗinta, sahu ɗaya za a sa ta da waɗancan.

To, ta ina Malama za ta fara? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da takardar mijinta ta fito, ranar ce ya kamata ta fara tattara nata takardun, domin fayil ɗin da zai tashi daga makaranta ya je hedikwata a Abuja, ya haye wani ofishin, ya dawo, ba abin mako biyu ba ne. Shawarata ita ce ta ba kanta aƙalla wata uku zuwa huɗu. Idan lokacin tafiyar maigida ya yi takarda ba ta fito ba, ya tafi, ita ta biyo baya. Na san da wuya, musamman idan akwai ƙananan yara, amma rabuwar wata biyu ta fi asarar aiki sauƙi.

Abubuwan da za ta haɗa ba su da yawa: kwafin takardar tura mijinta aiki, shaidar aure, takardar ɗaukarta aiki, takardar tabbatar da ita a aiki, da takardar ƙarin girmanta na ƙarshe. Takardar tabbatarwa tana da muhimmanci, domin sabon ma'aikaci yakan yi shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma wanda bai tsallake wannan ba roƙonsa ba shi da ƙarfi. Amma inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne shaidar aure. Aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, a gaban waliyyai da shaidu, ya kuma inganta sarai. Sai dai jami'in da ke zaune a Abuja bai halarci ɗaurin auren ba. Abin da zai duba shi ne takarda: shaidar aure daga kotun shari'a ko hukumar da ke bayar da ita, ko takardar rantsuwa ta kotu. Zai kuma duba ko sunan wannan mijin ne ke cikin bayanan da Malama ta cike a fayil ɗinta. Mata da yawa sun kama aiki kafin aure, har yau fayil ɗinsu na nuna ba su da aure. Wata kuma sunan mahaifinta ne a takardar aiki, sunan miji a fasfo, a lambar NIN kuma an rubuta shi da wani salon daban. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa a dawo da fayil da tambaya, kuma kowace dawowa makonni ne. A gyara su tun kafin takardar neman hutu ta tashi.

Ita takardar neman hutun da Turanci za a rubuta ta, kamar sauran takardun ofis, zuwa ga Babban Sakatare, ta hannun shugaban makaranta da daraktan sashe. Shafi ɗaya ya isa. Ta faɗi sunanta da matsayinta da lambar fayil ɗinta da ta IPPIS. Ta ce an tura mijinta, jami'i a ma'aikata kaza, zuwa Jidda, ga kwafin takarda a haɗe. Ta ce tana neman hutu ba tare da albashi ba a ƙarƙashin sashe kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. Ta bayyana cewa ta san sharaɗin rashin kama aikin albashi kuma ta amince da shi, kuma za ta dawo bakin aiki da zarar wa'adin ya cika ko an dawo da mijinta. Ta sa adireshi da lambar waya da imel da za a same ta a can. Ba wurin dogon labari ba ne a kan tarbiyyar yara da haƙƙin aure. Duk waɗannan gaskiya ne, amma wanda zai karanta yana neman abu uku ne: shin dokar ta shafe ta, daga yaushe zuwa yaushe, kuma wa zai riƙe aikinta.

Wannan tambaya ta uku ita ce take kashe takardu da yawa tun a teburin farko, kuma a nan nake ganin ma'aikata ba sa yi wa shugabanninsu adalci. Ki sa kanki a kujerar shugaban makarantar nan. Malaman lissafi uku yake da su, ɗaya za ta tafi shekara 3, gurbinta kuma yana nan da sunanta, ba lallai a aiko masa da wani ba. Ga 'yan ajin ƙarshe suna fuskantar jarrabawar WAEC da NECO. Idan takarda ta faɗo masa ba shiri, a tsakiyar zangon karatu, kada ki yi mamaki idan ya rubuta a ƙasanta cewa ba zai iya sakinki yanzu ba. Abin da ya rubuta ɗin nan kuwa shi ne na farko da na sama za su karanta. Don haka kafin takarda, Malama ta je ta same shi ta yi masa bayani baki da baki, cikin girmamawa: "Ranka ya daɗe, ga abin da ya taso a gida. Na duba, idan na kai ƙarshen wannan zango zan gama manhajar 'yan aji uku. Na yi magana da Malam wane, ya yarda ya ɗauki aji biyu. Zan bar takardar miƙa aiki da sakamakon ɗalibai cikakke." Wanda ya zo da matsala tare da mafitarta, sa hannun shugaba ba ya yi masa wuya. Ta kuma zaɓi ranar fara hutun ta dace da ƙarshen zango, ko da hakan na nufin ta yi jinkirin wata guda.

Idan ta kai takarda, ta tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ta riƙe. Ta san ranar da fayil ya bar makaranta da lambar takardar da ta raka shi. Sannan ta riƙa bibiya. Bibiya ba rashin kunya ba ce, kuma ba ta buƙatar a ba kowa ko sisin kwabo.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin kalmar "ba albashi" tana ɓoye abubuwa da yawa a bayanta. Mu ƙaddara albashin Malama Naira 250,000 ne a wata. A shekara 3, wata 36 ke nan, Naira miliyan 9 ba za su shigo gidan ba. Wannan kowa yana ganinsa. Wanda ba a cika gani ba shi ne fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, jimla kashi 18 na ɓangaren albashin da ake lissafin fansho a kai. Idan wannan ɓangare nata Naira 200,000 ne, to Naira 36,000 ke shiga asusunta duk wata. Babu albashi, babu wannan zubi. A wata 36 asusun ya rasa Naira 1,296,000, ban da ribar da kuɗin za su haifar a shekarun da suka rage mata kafin ritaya. Abin da ke ciki tun da farko yana nan, kamfanin fanshonta zai ci gaba da juya shi, amma giɓin shekara ukun nan ita kaɗai za ta ji shi, a lokacin da ƙarfinta ya ƙare.

A kan wannan ina da magana da magidanta. Idan matarka ta dakatar da aikinta domin gidanka ya zauna wuri ɗaya, ta ba da wani abu mai ƙima da za a iya ƙirgawa. Ina ganin adalci ne ku zauna tun kafin tafiya ku yanke abin da za ka riƙa ajiye mata da sunanta duk wata, ko da daidai da abin da fanshonta ya rasa ne. Ka tuna kuma da yawa daga matanmu ma'aikata da albashinsu suke kula da iyayensu da karatun ƙannensu. Ranar da albashi ya tsaya, waɗannan buƙatu ba sa tsayawa. A yi maganar a fili tun a gida, kada a bari sai an je ƙasar mutane ta zama abin ɓacin rai.

Sai basussukan da ake cira daga albashi: na ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, na banki, na gida idan akwai. Hutu ba ya dakatar da bashi. Idan aka daina cira, bankin zai lissafa ki cikin waɗanda suka gaza biya, ƙungiya kuma za ta koma kan abokan aikin da suka tsaya miki. Ki biya kafin ki tafi, ko ki yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za ki riƙa biya daga can. Idan kuma gwamnati ta taɓa tura ki karatu kika sa hannu kan alƙawarin yin aiki na wasu shekaru bayan dawowa, ki duba ko kin cika, domin wanda ke da sauran alƙawari a wuyansa ana iya hana shi. Idan a gidan ma'aikata kike zaune, ki tambayi matsayinsa tun da wuri.

Akwai wani tarko da yake zuwa da kamar alheri. An amince da hutu, Malama ta isa Jidda, ƙarshen wata sai ga saƙon banki, albashi ya shiga. Wata na biyu ma haka. Dalili shi ne takardar amincewa ba ta kai ga masu kula da IPPIS na ma'aikatar ba, ko ta kai ba a yi aiki da ita ba. Wannan kuɗi ba rabo ba ne, kuma ba halalinki ba ne. Kada ki taɓa shi. Ki rubuta nan take ki sanar, ki nemi a dakatar, ki tambayi yadda za ki mayar zuwa asusun gwamnati, ki ajiye rasit. Mafi kyau ma, kafin ki tashi ki kai kwafin amincewar sashen albashi da hannunki a buga miki hatimi. Idan kika yi shiru, ranar dawowa za a lissafa kuɗin duka a matsayin bashi, kuma ana iya ɗora miki tuhuma a kai.

Ita kanta takardar amincewa, idan ta fito, kada murna ta hana ki karanta ta. Ki tabbata ta faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa, ta ambaci sashen dokar da aka dogara da shi, kuma daga ofishin da ke da iko ta fito. Idan ba ta ce komai ba game da cewa hutun ba yankewar aiki ba ne, ambaton sashen dokar shi ne kariyarki. Ki kuma rubuta ki nemi a fayyace miki yadda za a lissafa waɗannan shekaru wajen ritaya da wajen ƙarin girma, a ba ki amsa a takarda. Maganar ƙarin girma tana buƙatar haƙuri. A matakai na 7 zuwa 14, shekara 3 ake yi kafin a cancanci zama jarrabawar ƙarin girma, kuma ana duba rahoton ƙwazon aiki na shekarun da suka gabata. Wadda ba ta bakin aiki ba ta da rahoto, ba ta kuma zauna jarrabawa ba. Malama ta shirya ranta cewa tana iya dawowa ta tarar sa'o'inta sun wuce ta da mataki guda. Wannan yana cikin farashin tafiyar, gara ta san shi tun yanzu.

A can kuma fa? Sharaɗin rashin kama aiki ba wasa ba ne. Za a kawo mata tayin koyarwa a wata makaranta, kuɗin kuma da riyal, ya ninka albashinta na gida. Idan ta karɓa ta saɓa wa sharaɗin hutunta. Ƙari a kan haka, iyalan jami'in ƙaramin ofishin jakadanci suna zaune ne a ƙarƙashin tanadin Yarjejeniyar Vienna ta 1963, kuma yin aikin albashi a ƙasar da suke ya danganta ne da izinin wannan ƙasa. Haka ma mai igamar rakiya a Saudiyya, igamarta ta zama ce, ba ta ba ta izinin aiki kai tsaye. Ƙofar da dokarmu ta bari a buɗe ita ce karatu, kuma a ganina nan ne ribar tafiyar take ga Malama. Shekara 3 sun isa digiri na biyu. Ta dai sanar da ma'aikatarta a rubuce, ta zaɓi fannin da ya shafi aikinta, ta kuma tabbata makarantar tana da amincewar hukuma, domin shaidar karatu daga waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a yi aiki da ita. Idan sana'arta mai lasisi ce, kamar koyarwa ko jinya ko likitanci, ta ci gaba da sabunta lasisinta kada ya mutu.

Dawowa ita ce rabin da ake mantawa. Idan an tsawaita zaman maigida, ta nemi ƙari tun da sauran wata uku ko fiye, ta bi hanyar da ta bi da farko. Hutun da ya ƙare ranar 31 ga Agusta, wadda ba ta bayyana ba ranar aiki ta gaba, ta koma sahun masu ƙaurace wa aiki, ko da takardar neman ƙarinta tana kan hanya. Idan kuma aka dawo da shi kafin lokaci, dalilin hutun ya faɗi, sai ta rubuta ta koma. Wannan yana faruwa: a watan Satumban 2023 gwamnati ta kira jakadunta gida a lokaci guda. Ranar da ta koma, ta rubuta takardar kama aiki, a buga hatimi, ta bi ta har a mayar da sunanta kan tsarin albashi. Wannan ma yana ɗaukar lokaci, don haka a dawo da guzurin wata biyu ko uku. Kada kuma ta yi zaton ajinta da makarantarta suna jiranta. Abin da aka ajiye mata shi ne aikinta da matakinta. Wurin aiki kuwa ana iya tura ta inda ake da buƙata.

Na ga wasu a cikinku suna jiran su tambaya: idan mijin ba ma'aikacin gwamnati ba ne fa? Misali likita ne da wani asibiti a Riyad ya ɗauka, ko injiniya da kamfaninsa ya tura Yamai. Tanadin da na karanto yana magana ne a kan jami'in gwamnati da aka tura aiki. Wanda ya nemo aikinsa da kansa a waje, matarsa ba ta shiga wannan sashe kai tsaye ba, kuma kuskure ne ta ambaci sashen kamar ya shafe ta. Ta faɗi gaskiyar halin da take ciki, ta nemi a duba mata a ƙarƙashin abin da ƙa'idar wurin aikinta ta yarda da shi, ta kuma shirya jin "a'a". Ma'aikatan jihohi suna da nasu littafin dokoki, jami'o'i da asibitocin koyarwa suna da sharuɗɗan aikinsu da hukumomin gudanarwarsu. Kowa ya karanta nasa.

Masu aiki a kamfanoni da bankuna da makarantu masu zaman kansu, naku ya fi tsauri. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi maganar hutun shekara, da hutun rashin lafiya, da hutun haihuwa, amma ba ta tanadi hutun bin miji ko mata ba. Abin da ke hannunku shi ne takardar yarjejeniyar aikinku da littafin ƙa'idar ma'aikata, sai kuma ciniki. A nan shekara 3 tana da wuyar samu. Ya fi sauƙi a nemi wata 6 ko shekara 1 da damar sabuntawa, ko a nemi yin wani ɓangaren aikin daga nesa idan dokar ƙasar da za a je ta yarda. Duk abin da aka amince, a rubuta shi, musamman wannan: shin kujerarki za a ajiye miki, ko makamanciyarta, ko kuwa alƙawari ne kawai na za a duba idan akwai gurbi? Waɗannan uku ba ɗaya ba ne. Idan aka ƙi gaba ɗaya, to a ajiye aiki da mutunci, a ba da sanarwa gwargwadon yarjejeniya, a karɓi takardar shaidar aiki, a bar ƙofa a buɗe. Kada a ɓace.

Maganata ta ƙarshe gare ku ce, shugabannin makarantu da daraktoci da jami'an kula da ma'aikata da ke zaune a nan. Idan irin takardar nan ta zo teburinku, kada ku danne ta, kada kuma ku ce wa mai ita ta tafi za ku rufa mata asiri. Ku rubuta ra'ayinku na gaskiya a kanta, ku tura ta gaba a cikin mako guda, ku faɗa wa mai ita ranar da ta tashi. Idan takardunta ba su cika ba, ku kira ta ku nuna mata abin da ya rage tun fayil bai bar ofishinku ba.